Cikon kalma a waya: bishiyar haruffa ko jerin kalmomi?

Duk wanda ya zauna zai haɗa ƙamus a waya, ko allon rubutu mai kawo shawarar kalma, shawara ɗaya yake fara ji daga abokan aiki: yi amfani da `trie`, wato bishiyar haruffa. Ana faɗin haka kamar babu wata hanya. Ni ma da ita na fara, kuma manhajata ta farko sai da ta riƙa ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ta buɗe a ƙaramar waya, alhali ƙamus ɗin da ke cikinta bai kai nauyin hoto ɗaya mai kyau ba. Tun daga lokacin nake tambayar duk mai neman shawarata abu biyu kafin mu yi maganar tsari: shin za ka jera kalmomin da ka samo bisa yawan amfani da su, kuma shin za ka yafe wa mai rubutu in yatsansa ya zame? Amsar waɗannan biyun ita ke yanke hukunci. Gano kalmomin da suka fara da wasu haruffa kuwa, kowane tsari yana iya yinsa cikin ƙiftawar ido.

Bari mu ɗauki ƙaramin ƙamus mu riƙa gwada kowane tsari a kansa. Kalmomi takwas ne, kowace da makin da na ƙirƙira mata don misali, mai nuna yawan amfani da ita: gida 90, gidan 70, girma 60, gini 50, girki 45, gidaje 40, gina 35, gishiri 20. In ka ƙirga haruffansu duka za ka samu 40. Mai waya ya danna g, ya danna i, mu kuma muna da gurbi uku a saman allon rubutu da za mu cika.

Bishiyar haruffa, wadda René de la Briandais ya bayyana a 1959, Edward Fredkin kuma ya raɗa mata suna `trie` a 1960, tana ajiye kalma ne a matsayin hanya. Daga tushe ka bi reshen g, daga nan ka bi reshen i, sai ka iso wata gaɓa da duk kalmomin nan takwas suke rataye a ƙarƙashinta. Daga wannan gaɓar rassa huɗu ke fita: d, n, r, s. Ana sa alama a gaɓar da kalma ta cika, shi ya sa "gida" ke iya zama kalma kuma ta zama hanyar zuwa "gidan" da "gidaje". Kyawun abin shi ne tsawon tafiyar bai dogara da girman ƙamus ba. Haruffa biyu, taki biyu, ko kalmomi takwas ne a ciki ko miliyan. Kuma in mai rubutu ya ƙara harafi, ba ka komawa tushe, daga inda ka tsaya za ka ƙara taki ɗaya.

Matsalar tana cikin yadda littattafan koyo ke gina gaɓar. Sukan ba kowace gaɓa jerin gurabe, gurbi ɗaya ga kowane harafin da zai iya biyo baya. A ce gurabe 32 ne, don su ɗauki haruffan boko har da masu ƙugiya da alamar ɗauri, kowane gurbi kuma bayit 4. Gaɓa ɗaya ta ci bayit 128 ke nan. Kalmominmu takwas suna buƙatar gaɓoɓi 21 in an haɗa da tushe, wato bayit 2,688 don ajiye haruffa 40. Cikin gurabe 672 da aka tanada, 20 kacal ke ɗauke da wani abu, sauran fanko ne. Dubi "gishiri": daga s zuwa ƙarshe babu inda hanya ta rabu, amma kowane harafi ya kama ɗaki mai gado 32 ya kwana shi kaɗai. Yanzu ka ɗauka ƙamus ɗinka na da kalmomi 100,000, kuma a ce sun ba da gaɓoɓi 250,000. Lissafin ya kai megabayit 32. Wannan shi ne ramin da na faɗa, har ma nawa ya fi haka muni, don kowace gaɓa na mai da ita abu mai zaman kansa a Java, kowane da nasa ƙarin nauyin, kuma sai an gina su duka daga fayil a duk lokacin da manhaja ta tashi. Allon rubutu kuwa ba shi kaɗai ke cikin waya ba. Yana aiki ne a kan wata manhajar da ita ma ke neman wuri, kuma in ma'adana ta yi ƙaranci tsarin wayar kan kashe abin da ba a amfani da shi a lokacin, sai ka sake gini daga farko in an dawo.

To ga abokin hamayyar da ake rainawa: jerin kalmomi kawai, a tsare bisa haruffa. In kalmomi suna jere, duk waɗanda suka fara da "gi" dole su zauna kusa da juna, babu baƙo a tsakaninsu. Aikinka shi ne gano inda suka fara da inda suka ƙare. Ka buɗe tsakiyar jerin, ka ga ko abin da kake nema yana gaba ko yana baya, ka watsar da rabi, ka sake. Kalmomi 100,000 ba sa wuce taki 17 a haka. Sau biyu za ka yi, ɗaya don farkon yankin, ɗaya don ƙarshensa:

```python
from bisect import bisect_left
a = bisect_left(kalmomi, "gi")
b = bisect_left(kalmomi, "gj")
sakamako = kalmomi[a:b]
```

Dabarar "gj" ita ce ka ƙara ɗaya a kan harafin ƙarshe, don duk abin da ya fara da "gi" yana gabanin "gj". Wanda ƙamus ɗinsa ke cikin SQLite ma abin da zai yi ke nan, muddin akwai fihirisa a kan layin `mabudi`, wato mabuɗin binciken kowace kalma:

```sql
SELECT kalma FROM kamus
WHERE mabudi >= 'gi' AND mabudi < 'gj';
```

Nauyinsa fa? In matsakaicin kalma bayit 8 ne, kalmomin sun ci 800,000. Ƙara bayit 4 ga kowace don sanin inda ta fara a fayil, da bayit 1 na maki, ka tashi da megabayit 1.3. Ka kwatanta da 32. Kwatanta kalmomi sau 34 kuma ba abin da waya za ta ji ba ne. Allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa yana ba ka kusan milidaƙiƙa 16 kafin ido ya lura da tsaiko, binciken nan kuwa ko kusa da milidaƙiƙa ɗaya ba ya kai wa. Saboda haka duk wanda ya ce maka ka zaɓi bishiya domin ta fi sauri wajen gano farkon kalma, gaskiya ya faɗa a takarda, amma bambancin ba ya isa yatsan mai rubutu.

Inda suka fara rabuwa da gaske shi ne wajen zaɓen uku mafi maki. Da "gi" a ƙaramin ƙamus ɗinmu babu wahala, ka duba takwas ka ɗauki uku. Amma a ƙamus na gaske, lokacin da mutum ya danna harafi ɗaya tak, a ce m, kalmomin da ke ƙarƙashinsa dubbai ne. Bishiya marar dabara za ta zagaye kowane reshe har ganye, ta tattaro su duka, sannan ta jera. Jeri ma zai bi yankin daga farko zuwa ƙarshe, kodayake shi ya fi sauƙi, don makin suna kwance a jere a ma'adana, ita kuwa bishiya tsalle take yi daga nan zuwa can. Alamar wannan cuta a bayyane take: harafin farko da na biyu suna nauyi, daga na uku abin ya saki. In ka ga haka a manhajarka, kada ka zargi binciken, tattarawar ce.

Maganin a bishiya yana da daɗin gani. A kowace gaɓa ka rubuta maki mafi girma da ke ƙarƙashinta, bayit ɗaya ya isa in makinka daga 0 zuwa 255 ne. A misalinmu gaɓar "gi" tana ɗauke da 90. Rassanta: na d yana da 90, na r 60, na n 50, na s 20. Sai ka riƙe layin jira wanda mai maki mafi girma ke fita farko. Ka ciro reshen d, ka iso "gida", makinta 90, ta shiga gurbin farko. 'Ya'yanta biyu su shiga layi, "gidan" da 70, "gidaje" da 40. Yanzu wa ke gaba a layin? "Gidan", don 70 ta fi 60 ɗin reshen r. Ta shiga gurbi na biyu. Sai reshen r: "gir" ba kalma ba ce a ƙamus ɗinmu, don haka ka buɗe shi, "girma" da 60 da "girki" da 45 su shiga layi. "Girma" ta fito ta cika gurbi na uku. An gama. Reshen "gin" da na "gishiri" ko leƙa su ba a yi ba, kuma da akwai kalmomi dubu biyar a ƙarƙashinsu, haka za a bar su a rufe, tunda lambar da ke bakin ƙofa ta riga ta shaida cewa babu mai kai 60 a ciki.

Jeri ba shi da ƙofofin da za a rubuta wa lamba, amma yana da tasa dabarar mai arha. Tunda wahalar a harafi ɗaya ko biyu take, sai ka lissafa amsarsu tun lokacin haɗa ƙamus ka ajiye a ɗan tebur. Da haruffa 32, farko mai harafi ɗaya guda 32 ne, mai biyu 1,024, jimilla 1,056, kowane da kalmomi uku ko biyar. Daga harafi na uku yankin yakan ragu sosai, sai a bi shi kai-tsaye. Ba shi da kyan gani kamar na bishiya, kuma akwai farkon da ko a harafi na uku yana da yawa, kamar "mai" ko "mas", amma yana aiki. A wannan zagayen zan ce bishiya ta yi gaba, sai dai ba da tazarar da za ta sa ka rushe abin da ka riga ka gina ba.

Zagayen da jeri ke shan kaye shi ne na kuskure. A allon QWERTY harafin u yana maƙwabtaka da i. Mai son rubuta "girki" ya danna "gurki". Jeri zai je yankin "gu", ya tarar babu abin da ya dace, ya dawo hannu rabbana, alhali kalmar da ake nema tana can wani yanki. Don ya same ta, sai ka ƙirƙiro duk kalmomin da kuskure ɗaya zai iya haifarwa ka nemi kowace. A kalma mai haruffa biyar: canza harafi ɗaya hanyoyi 155, cusa harafi 192, cire harafi 5, musanya maƙwabta biyu 4, jimilla bincike 356. Wannan adadin, waya za ta iya ɗauka. Amma ka yarda da kuskure biyu, lissafin ya haura dubu ɗari, a kowane danni. Mafi yawansu kuma shirme ne da babu kalmar da ta fara da su.

Bishiya ba ta ƙirƙirar komai, abin da ke akwai kawai take bi. Ka ba ta jarin kuskure, a ce ɗaya. Daga tushe g ta dace, kyauta. A gaɓar g, mai rubutu ya danna u, reshen da ke nan kuwa i ne. Ta biya ɗaya ta wuce, jari ya ƙare. A gaɓar "gi" harafi na gaba r ne: reshen r kyauta, rassan d, n da s kuwa kowane na neman kuɗin da babu, sai a datse su da duk abin da ke ƙarƙashinsu. Sai k, sai i, ga "girki". Cikakkiyar hanyar ita ce a riƙa lissafa tazarar Levenshtein, wato yawan gyaran harafi da ke raba kalmomi biyu, layi-layi yayin sauka, gaɓa ɗaya layi ɗaya, ta yadda kalmomin da suka haɗa farko suke raba aikin, kuma da zarar ƙaramar lamba a layin ta wuce jari a juya. Za ka iya sa farashin ya bambanta: zamewa zuwa maɓallin da ke maƙwabtaka ya yi arha, zuwa na nesa ya yi tsada. Daga nan sai a haɗa farashin da makin kalma a fitar da wadda ta fi cancanta. Ana iya kwaikwayon wannan a kan jeri, ta hanyar ɗaukar kowane yanki kamar gaɓa, amma wanda ya yi haka bishiya ya gina a fakaice, kuma kowane taki sai ya biya kuɗin bincike.

Ga mai ƙamus na Hausa akwai wani kuskuren da ba zamewar yatsa ba ne, kuma ya fi kowane yawa. Mutane da dama ba sa sa ƙugiya in suna rubutu a waya. Mai neman "ƙasa" zai danna "kasa", wadda ita ma kalma ce mai zaman kanta. A Unicode harafin ƙ yana U+0199, ɓ yana U+0253, ɗ yana U+0257, duka can bayan z. Ke nan in ka jera kalmomi bisa lambobinsu, "kasa" na tsakiyar jeri, "ƙasa" na can ƙarshe. A bishiya maganin shi ne in an danna k ka bi rassa biyu, k da ƙ, ba tare da cajin komai ba. A jeri kuwa sai ka ware mabuɗin bincike daban da kalmar nunawa: mabuɗin ka cire masa ƙugiya ka mai da shi ƙananan haruffa, ta yadda "kasa" da "ƙasa" za su zauna gefe da gefe a ƙarƙashin mabuɗi ɗaya. Shi ya sa na sa `mabudi` daban da `kalma` a misalin da ke sama. Duka hanyoyin biyu suna aiki, don haka wannan ba dalilin zaɓen bishiya ba ne. Abin da zan ja kunne a kai biyu ne. Haruffan nan bayit biyu-biyu suke ci a UTF-8, saboda haka bishiyar da ke tafiya bayit-bayit za ta ga ƙ a matsayin taki biyu, ta caje kuskure biyu a inda ɗaya ne. Gara ka ba kowane harafi ƙaramar lamba taka ta cikin gida. Na biyu, alamar da ke cikin "'ya'ya" ko "ma'ana" tana zuwa da siffofi daban-daban dangane da allon da aka rubuta ta, wata miƙaƙƙiya, wata lanƙwasasshiya, kuma lambobinsu ba ɗaya ba ne. In ba ka mai da su guda tun wajen shigarwa ba, kalma ɗaya za ta tsira a rassa biyu ko uku, makinta ya rabu, ta kasa shiga ukun farko ba tare da ka san dalili ba.

In ka yanke cewa bishiya kake buƙata, saura ka zaɓi wace iri, don wadda muka auna da farko ba ta shiga waya. Gyara mafi amfani shi ne matse hanyoyin da ba su rabu ba. Maimakon s, h, i, r, i su zama gaɓoɓi biyar, sai su zama gaɓa ɗaya mai ɗauke da "shiri". Wannan tunanin ya samo asali ne daga tsarin PATRICIA na Donald Morrison na 1968, kuma za ka same shi da sunan `radix tree`. Ƙamus ɗinmu a haka ya koma gaɓoɓi 11 ban da tushe, maimakon 20: "gi", sai "da" mai 'ya'ya "n" da "je", sai "n" mai "a" da "i", sai "r" mai "ma" da "ki", sai "shiri". Sannan ka watsar da gurabe 32 ɗin nan, kowace gaɓa ta jera 'ya'yan da take da su kawai, a bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda in an yi nisa da tushe ba su cika wuce biyu ko uku ba. Na uku, kuma shi ya fi muhimmanci a waya: kada ka gina ta a matsayin abubuwa masu nuna juna a ma'adana. Ka rubuta ta a fayil guda a shimfiɗe, inda kowace gaɓa ke faɗin nisan da 'ya'yanta suke, sannan ka buɗe fayil ɗin da `mmap`. Ta haka babu gini lokacin tashi, tsarin wayar zai ɗauko shafukan da aka taɓa ne kawai. Allon rubutu na Android na buɗaɗɗen tushe, LatinIME, irin wannan matsattsiyar bishiyar yake amfani da ita a fayilolin ƙamus ɗinsa, da maki a jikin kalmomi. Farashin da za ka biya shi ne wahalar lamba: mai rubutu na iya tsayawa a tsakiyar gaɓa, kamar wanda ya danna "gish", don haka matsayinka ya zama gaɓa da kuma inda ka kai a cikinta. Yawancin kurakuran da na gani a irin wannan bishiyar a nan suke ɓuya. In shawara tana ɓacewa a wani harafi ta dawo a na gaba, nan za ka fara dubawa.

Akwai kuma bishiya mai rassa uku, `ternary search tree`, wadda Jon Bentley da Robert Sedgewick suka yaɗa a 1997. Kowace gaɓa harafi ɗaya ce da manuni uku: ƙasa da shi, daidai da shi, sama da shi. Kusan bayit 16 ke nan, wato gaɓoɓi 250,000 su ci megabayit 4. Tana da sauƙin rubutawa, tana karɓar sabuwar kalma ba gardama. Sai dai in ka zuba mata kalmomi a jere daga a zuwa z takan karkace gefe guda ta yi tsawo, don haka a cakuɗa su kafin a zuba. Ban cika ba da ita ga babban ƙamus ba, amma tana da wurin da ta dace, zan zo kansa.

Wadda ta fi kowa ƙanƙanta ita ce wadda ke haɗe ƙarshen kalmomi kamar yadda bishiya ke haɗe farkonsu, ana kiranta `DAWG`. Ga harshe mai ɗafa-ƙeya da yawa abin na da jan hankali. Dubi gidansa, gidanta, gidansu, sannan dokinsa, dokinta, dokinsu. Bayan n ɗin nan, wutsiyar iri ɗaya ce: s mai kai wa ga a ko u, da t mai kai wa ga a. A bishiya marar matsi gaɓoɓi biyar ne, kuma za a maimaita su ga kowane suna. Sunaye 10,000 sun ci gaɓoɓi 50,000 a kan wutsiya ɗaya. A `DAWG` sau ɗaya za a ajiye ta, kowa ya nuno ta. Amma ka lura da abin da aka rasa. Tunda "gidansa" da "dokinsa" a gaɓa ɗaya suke ƙarewa, ina za ka rubuta cewa ta farko ta fi ta biyu maki? Gaɓar ba ta san ta wace hanya ka zo ba. Akwai mafita: ko a ba kowace kalma lamba ta hanyar ƙirga kalmomin da ke ƙarƙashin kowace gaɓa, a ajiye makin a wani jeri daban, ko a rarraba makin a kan rassa a riƙa tarawa yayin tafiya, kamar yadda tsarin `FST` na ɗakin lambar bincike Lucene ke yi. Sai dai ta farkon tana wahalar da dabarar nan ta lamba a bakin ƙofa, ta biyun kuma tana rage haɗewar, don wutsiyoyi biyu ba sa haɗuwa sai makin da ke kansu ya zo ɗaya. Ƙari a kan haka, ba a cusa mata kalma cikin sauƙi. Hanyar gina ta da aka fi bi, ta Jan Daciuk da abokan aikinsa ta shekarar 2000, ta fi sauƙi in kalmomin sun zo a jere, kuma a aikace akan gina ta ne sau ɗaya a kwamfuta a tura wa waya. In tambayarka ita ce "wannan kalma ce ko ba kalma ba", kamar mai duba kuskuren rubutu, babu kamarta. In kuwa jera shawara ne aikinka, ka auna da makinka na gaske kafin ka yarda da ƙanƙantar da aka yi maka alkawari. Kuma ni ba zan rubuta ta da hannuna ba in akwai ɗakin lamba da aka riga aka gwada.

Wannan ya kawo mu kan kalmomin da mai waya ke koya wa allonsa: sunayen mutanensa, gajerce-gajercensa, kalmomin da ba su cikin ƙamus. Jeri a shimfiɗe, matsattsiyar bishiya a fayil, da `DAWG`, duka ukun ba sa son a taɓa su bayan an gina. Kada ka tilasta musu. Ka riƙe ƙamus biyu: babba wanda ba ya canzawa, da ƙarami na mai waya, wanda da wuya ya wuce 'yan dubbai. Ƙaramin ne wurin bishiya mai rassa uku, ko ma bishiyar nan mai sauƙi, don a wannan girman ɓarnar wuri ba ta da ciwo. A kowane danni ka tambayi duka biyun ka haɗa amsa. Abin lura shi ne makin su kasance a ma'auni ɗaya. In ba haka ba, kalmar da mutum ya rubuta sau ɗaya bisa kuskure za ta hau kan "gida" ta zauna, ya yi ta ganinta har ya tsani allon.

Ga yadda nake yanke wa mai tambaya. In manhajar ƙamus kake yi, inda mutum ke rubuta farkon kalma a akwatin nema ya ga jerin da zai zaɓa, kuma kalmominka ba su wuce 'yan dubu ɗari ba, ɗauki jeri ko SQLite da mabuɗin da aka cire wa ƙugiya. Aikin yini ɗaya ne, kuma duk wanda ya gaje ka zai gane lambar. In daga baya ka so yafe kuskure ɗaya, bincike 356 ɗin nan ka yi su kawai a lokacin da binciken farko ya dawo babu komai. In allon rubutu kake yi, inda kowane danni ke neman uku mafi kyau kuma yatsa na zamewa a kusan kowace jimla, matsattsiyar bishiya a fayil, da maki mafi girma a kowace gaɓa, ita ce zaɓin, kuma wahalar rubuta ta za ta biya ka. `DAWG` ko `FST` sai in wuri ya matse ka da gaske, misali harsuna da yawa a ƙaramar waya, ko ƙamus da ka zuba wa kowace siffar kowace kalma.

Kafin ka rubuta layi ɗaya, akwai awon da ba ya cin minti goma. Ka ɗauki jerin kalmominka na gaske, ka ƙirga nawa ne ke ƙarƙashin kowane farko mai harafi ɗaya, biyu da uku, ka duba mafi girma a kowane mataki. Sannan ka ƙirga farko daban-daban nawa ne a ƙamus ɗin gaba ɗaya, don wannan adadin shi ne yawan gaɓoɓin bishiya marar matsi, sai ka ninka shi da girman gaɓarka ka ga megabayit nawa ne. In yanki mafi girma a harafi na uku bai wuce 'yan ɗaruruwa ba, jeri da ɗan teburinsa sun ishe ka wajen jera shawara. Gwajin sauri kuma a yi shi a kan waya mafi rauni da kake sa ran za a yi amfani da ita, bayan an kashe manhajar an sake buɗe ta, da harafin da ya fi kowane yawan kalmomi.